Surukin Mai Tsaron Baya

"Ku ɗaga mai ƙafafu! Ba kai nic ce ba, ƙafafu!"

Balarabe yana durƙushe a gefen kwaltar da ta tashi daga Jega zuwa Aliero, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin kan dattijon da ya faɗi, ɗayan yana kwance masa maɓallin riga. Jikin mutumin ya jiƙe sharkaf, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka. Samari biyu suka kama ƙafafunsa suka ɗora a kan jarkar ruwa. Ayuba, ma'aikacin jinya wanda yake bin ƙungiyarsu ta gudu a kan keke ɗauke da ruwa, ya kama tsintsiyar hannunsa yana duban agogo.

"Da ransa?" wani ya tambaya daga baya.

"Da ransa. Ku ja baya ku ba shi iska," in ji Ayuba.

Mutum goma sha bakwai ne suka fito gudu a safiyar Asabar ɗin nan. Shida tsofaffin 'yan ƙungiya, sha ɗaya sababbi, waɗanda takardar gayyatar Balarabe ta jawo. Yanzu duk sun yi da'ira suna haki, ga masu jakuna da masu kekuna sun fara tsayawa. Wata mota ɗauke da buhunan albasa ta rage gudu, direban ya leƙo ya ce, "Wa kuka kashe?"

Dattijon ya buɗe ido. Alhaji Almustapha ne, dillalin albasa daga Aliero, mai shekara hamsin da biyu, wanda yau ce ranarsa ta farko. Ya dubi fuskokin da suka rufe shi ɗaya bayan ɗaya kamar yana neman wani. Da bai ga wanda yake nema ba, sai ya sauke numfashi.

Ayuba ya bari ya dawo hayyacinsa sosai, sannan ya ba shi ruwa kurɓi-kurɓi. Aka tare motar wani bawan Allah aka sa shi a baya, Ayuba ya shiga tare da shi zuwa asibiti.

Sai a lokacin Balarabe ya miƙe ya nemi Jelani.

Jelani malamin firamare ne a Maiyama, kuma shi ne mai tsaron baya na ƙungiyar. Aikinsa guda ɗaya ne: ya jera da duk wanda ya fi kowa jinkiri, ya yi ta jan sa da hira, in ya ji numfashinsa ya fara yankewa ya mayar da shi tafiya. Shekara uku bai taɓa sakaci ba. Amma yau yana tsaye can nesa a gindin wata bagaruwa, ya sunkuyar da kai.

"Ina kake sadda yaf faɗi?"

"Ina bayansa, Kyaftin."

"Bayansa ko gefensa?"

"Bayansa."

"Taku nawa?"

"Za a yi talatin."

"Talatin! Ka yi mai magana?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

Jelani ya cire usur ɗin da ke wuyansa ya miƙa wa Balarabe da hannu biyu. Ya juya ya bi gefen hanya a ƙasa zuwa inda ya bar babur ɗinsa, bai waiwayo ba.

*

Kafin azahar labari ya zagaye Jega. A tasha aka ce gudun soja ya kashe wani Alhaji. A bakin kasuwa aka ce mutum biyu ne. Duk da Ayuba ya dawo ya ce suma ce kawai, ga zafi, ga wahalar da ta fi ƙarfinsa, kuma har an sallame shi, babu wanda ya ɗauki wannan ya kai ko'ina.

Balarabe ya koma filin makarantar da suke taruwa. Takardarsa tana nan manne a jikin allon sanarwa, da boko a sama, da ajami a ƙasa. Shi ya rubuta ta da hannunsa, aka buga masa kwafi arba'in, ya bi Jega da Aliero da Maiyama a kan babur yana mannawa. Ya tsaya ya karanta ta kamar wani ne ya rubuta.

"Zuwa ga duk wanda bai taɓa gudu ba, ko ya daɗe da bari. Ƙungiyar Gudun Asabar ta Jega tana gayyatarka. Muna haɗuwa kowace Asabar bayan sallar asuba, mu tashi shida da kwata. Ba tsere muke yi ba, babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Gudunmu shi ne wanda za ka iya gaisawa da na gefenka, tun daga ina kwana har ina iyali, ba tare da numfashinka ya yanke ba. In ya yanke, ka yi sauri da yawa, sai ka koma tafiya, kuma ba abin kunya ba ne. Sababbi za su yi gudun minti biyu, tafiyar minti ɗaya, har mako huɗu. Akwai mai jan gaba, ba a wuce shi. Akwai mai tsaron baya, ba ya wuce kowa. Muna zuwa tsamiyar hanyar Aliero mu jira juna, mu sha ruwa, mu dawo, kilomita biyar ke nan. Ka zo da takalmin da ƙafarka ta saba da shi, kada ka sayo sabo. In kana da ciwon da likita ya sani, ka faɗa mini kafin mu tashi. Alkawarina gare ka ɗaya ne: ba za a bar ka a baya kai kaɗai ba. Naku, Balarabe, Kyaftin."

A soja iyakarsa saja. 'Yan ƙungiya ne suka ba shi Kyaftin, gari ya ɗauka. Ya yi shekara ashirin da biyu yana gudun da in ka tsaya ake zaginka, ya dawo gida da niyyar koya wa mutane wani iri dabam, bayan hawan jini ya kwantar da yayansa shekara biyu kafin ya rasu. Shekara uku suna yi su shida, mutane suna musu kallon marasa aikin yi. Wannan ne karo na farko da ya buɗe ƙofa. Ya san in Asabar mai zuwa sababbin nan ba su dawo ba, ba za su sake dawowa ba, kuma babu wanda zai ƙara karanta takarda mai sunansa a ƙasa.

Ya kai hannu zai yage ta, sai ya fasa. Yana son ya san abin da ya faru a taku talatin ɗin nan tukuna.

A gida matarsa Balkisu ta ajiye masa fura, ta ga ko ludayin bai taɓa ba.

"An ce Alhajin ya tashi, mi kake ma zaman makoki?"

"Jelani ne ban gane ba. Yaron da ba ya rufe baki. Ya bar mutum shi kaɗai, ko sannu."

"Wane Alhaji ne wai?"

"Almustapha, na Aliero. Mai albasa."

Balkisu ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Uban Murjanatu?"

"Wace Murjanatu?"

"Matar Jelanin! Kai, Malam. Bikin da nit tai Maiyama bara waccan, kana Sakkwato wurin fanshonka. Au, surukinsa kas sa shi bi?"

Balarabe ya dube ta, bakinsa a buɗe.

"Mi kake so shi ce mai? Baba, ka gaji, tsaya? Yaron da ko sunansa ba ya faɗi, in sun haɗu a hanya sai shi tuɓe takalmi shi durƙusa? Ai ƙoƙari ma yay yi da bai ruga gida ba tun daga filin."

Sai abubuwa suka fara dawo masa. Da safe, lokacin da yake tambayar sababbi ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai ciwo, Jelani yana tsaye a gefensa riƙe da takardar sunaye. Da aka zo kan Alhaji, Jelani ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Alhaji kuwa ya ce, "Lahiya lau nike," da sauri, yana duban sama. Ya ga wannan duka da idonsa. Shekarun bariki sun sa ya ga sababbi da tsofaffi kawai, bai ga suruki da mijin 'ya ba.

*

Ran Talata da la'asar ya hau babur zuwa Aliero. Bazara ta kama, an gama cire albasa, duk inda ka duba a bayan gari rumfunan ajiya ne na kara da ciyawa, warinta ya cika iska. Ya sami Alhaji Almustapha a kan tabarma a inuwar rumfarsa, yana kallon masu tsince ruɓaɓɓu daga cikin masu kyau.

Suka gaisa har ƙarshe. Balarabe ya ce ya zo ba da haƙuri.

"Haƙurin mi? Kai kak kada ni?"

"Na yi alkawari a takarda, ban cika ba."

Alhaji ya kori ƙuda da hannu. Sannan ya sallami masu aikin ya ce su je su sha ruwa.

"Likita a Birnin Kebbi yac ce jinina ya hau, in rage jiki, in dinga motsawa. Nig ga takardakka a tashar lodi, nik karanta ajamin sau uku. Wurin da kac ce ba abin kunya ba ne, shi yaj ja ni. Ban san yaron nan yana cikinku ba. Ina isa filin, ga ni da gajeren wando kamar ɗan makaranta, sai ga shi."

"Shi ya sa ba ka faɗa mini ciwon ba."

"In ce ina da ciwo gabansa? Shi kai wa ɗiyata, ta hana kanta barci?" Ya girgiza kai. "Kuma na sha ƙwayar da asuba, ban sa komai a cikina ba."

"To a hanya fa? Na busa usur ɗin tafiya sau bakwai."

"Na ji shi duka. Amma kun ba ni rata. Sai nic ce sadda suke tafiya ni in ci gaba da gudu in cim musu. Ina jin takunsa a bayana, ƙas, ƙas, ƙas. In na rage shi rage. Na san don ni yake jan ƙafa, saurayi mai ƙarfi. Kowane taku sai in ji kamar cewa yake, dubi tsohon nan. Ƙirjina kamar ana hura wuta, idona yana duhu, amma in tsaya in kama gwiwa gabansa? Nic ce gara in kai tsamiya."

Balarabe ya dubi ƙasa. Akwai nasa laifin da bai faɗa wa kowa ba. Shi ne a gaba ranar, samari uku suna taka masa dunduniya, kuma ya san saurin ya ɗan ƙaru ba tare da ya yi niyya ba. Ƙa'idarsu ita ce in rata ta buɗe, na gaba su juyo su zagayo ta bayan na ƙarshe, jerin ya sake haɗewa. Bai juya ba, saboda ya san Jelani yana can. Ya faɗa wa Alhaji wannan ma.

"To kowa ya yi nasa," in ji Alhaji. "A bar ta nan. Ni dai na gama gudu."

"Ban zo in ce ka yi gudu ba. Ayuba ya yi magana da likitan da ya duba ka. Ya ce mako huɗu tafiya kawai, ka ci wani abu kaɗan kafin ka fito, kuma Ayuba zai auna jininka a filin kafin mu tashi. In ya hau da yawa, ranar zama za ka yi. Amma ina da tambaya ɗaya. A duniyar nan, wa za ka iya ce wa na gaji ba ka ji kunya ba?"

Alhaji ya buɗe baki zai amsa, sai aka ji murya daga bayan rumfa.

"Ina gawar? An ce mani an yi jana'iza Jega ba a kira ni ba!"

Wani gajeren mutum mai tumbi ya ɓullo, rungume da sababbin fartanyoyi guda uku, hannayensa duk tabon wuta. Ya zube su a ƙasa ya tsaya yana kallon Alhaji daga sama har ƙasa.

"Au, da ranka? Kash. Na riga na zaɓi rumfar da zan gada."

"Tamu, ka ga baƙo, ka kama bakinka."

"Baƙon da yas sa buhun albasa gudu? Bari in gaishe shi da kyau. Malam, kai ne? Shekara hamsin ina neman wanda zai kai wanga mutum ƙasa ban samu ba."

"Ɗan kawuna ne," in ji Alhaji, yana ƙoƙarin ɓoye dariya. "Taubashina. Maƙeri ne a Jiga Maƙera. Kada ka ji ta tasa, ko jaki ba ya iya hawa sai an tura shi."

"Ni? In ba ka taku ɗari in kama ka kafin ka ce wash!"

Balarabe ya dubi ɗaya, ya dubi ɗayan. Minti biyar suka yi suna wannan, babu wanda ya bar wa ɗan'uwansa ta ƙarshe. Ya lura da numfashin Alhaji: yana fita daidai, yana kai kowace magana har ƙarshenta. Abin da yake so mai tsaron baya ya ji ke nan, kuma ga shi ana yi kyauta.

"Malam Tamu," ya ce, "me kake yi ran Asabar da safe?"

Daga Aliero bai tsaya Jega ba, ya zarce Maiyama. Ya sami Jelani a ƙofar gida yana gyaran littattafan 'yan aji. Jelani ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na gani yana tangaɗi, Kyaftin. Wallahi na gani. Na buɗe baki ya fi sau biyar. Abin da zan ce ne ya ƙi fita."

"Da ka faɗa mini tun a filin."

"Gabansa? Ko a bayansa ma, yaya zan fara?"

Balarabe ya ciro usur ɗin daga aljihu. "Ni ya kamata in tambaya. Daga yau kai ne mai jan gaba. Ba wanda ya kai ka iya tafiya a hankali, ni samari suna ja na. Ka dinga ƙirga minti biyu da minti ɗaya, kana juyowa duk bayan busa uku. In ka ga rata, ka zagayo da mutanenka."

"In na zagayo ai sai mun haɗa ido."

"Ka dubi ƙasa ka wuce. Wannan ai ka iya."

*

Asabar, shida saura. Balarabe ya manna sabuwar takarda a kan tsohuwar. Layi biyu ya ƙara: "Tambayar ciwo ni da kai ne kawai, a gefe. In akwai wanda kake jin nauyinsa a cikinmu, suruki ko malami ko uban gida, ka raɗa mini, ba zan haɗa ku ba, kuma ba zan tambayi dalili ba."

Tsofaffin 'yan ƙungiya suka iso. Daga cikin sababbi sha ɗaya, uku ne suka zo. Amma bakin filin ya cika da 'yan kallo, sun fi talatin, wasu a kan kekuna, har da mai shayi da ya baro teburinsa. Sauran sababbin suna cikinsu sanye da manyan riguna, sun naɗe hannu. Sun zo ne su ga ko za a sake.

Shida da minti goma. Balarabe ya duba hanyar Aliero, babu kowa. Ya sa aka fara juya wuya da kafaɗu da idon sawu. Shida da kwata ta yi, ta wuce. Bai taɓa jinkirta tashi ba, 'yan ƙungiya suka fara duban juna.

Sai ga ƙarar wani tsohon babur mai tari. Tamu ne a gaba, Alhaji Almustapha a baya, wannan karon da doguwar riga mara nauyi da wando har idon sawu, da tsohon takalmin roba da yake shiga gona da shi. Surutun 'yan kallo ya ɗauke.

"Ga gawarku na kawo muku!" in ji Tamu da ƙarfi. "Ku duba da kyau, kada a ce na canza ta a hanya."

Dariya ta ɓarke. Ayuba ya ja Alhaji bayan aji, ya naɗa masa abin awo a damtse, ya tambaye shi abin da ya ci. Kunu da ƙosai biyu. Suka fito, Ayuba ya ɗaga wa Balarabe kai.

Jelani ya riga ya tsaya a gaban jeri, ya ba filin baya, kamar akwai abin da yake karantawa a jikin katanga. Ya busa usur. Minti biyar na farko tafiya ce ga kowa, don jiki ya ɗumi. Suka fita kan kwalta biyu-biyu, a gefen da suke fuskantar motoci masu zuwa. Da usur na biyu ya tashi, na gaba suka ɗauki ɗan gudu mai taushi, ƙafa ba ta nisa da ƙasa, ana jin wani yana ba da labarin akuyarsa da ta haihu. Alhaji da Tamu suka ci gaba da tafiya. Balarabe yana bayansu da taku biyu.

"Ɗaga ƙafa mana, kana share musu hanya."

"Kai dai ji da tumbinka, ya riga ka isa tsamiya."

Rata ta buɗe, kamar yadda dole ta buɗe. Bayan busa ta uku Jelani ya juyo da mutanensa, suka dawo a jere, suka zagaya ta bayan Balarabe, suka sake wucewa. Da ya zo daidai surukinsa ya dubi ƙasa ya ɗan rusuna yana cikin gudu, Alhaji kuwa ya sami abin kallo a wata gona.

An yi kamar kilomita ɗaya da rabi, Balarabe ya ji abin da yake saurare. Tamu ya jefa wata magana a kan hular Alhaji, amsar ta fito rabi ta tsaya. "Kai dai... bari..." Sai numfashi.

Balarabe ya ci gaba da bin su. Yana son ya ji ko maganar gajiyar za ta fito da kanta. Daidai nan ne bagaruwar da Jelani ya tsaya a gindinta wancan makon, kuma jerin na gaba ya sake juyowa, suna tahowa, Jelani a kan gaba.

Alhaji ya tsaya. Ya dubi masu tahowa, ya dubi Tamu.

"Na gaji," ya ce, da muryar da kowa ya ji.

"Alhamdu lillahi!" in ji Tamu, ya dafe ƙugu. "Ni tun daga gidan mai nike jira ka faɗi. Ƙafafuna ba nawa ba ne."

"Kada ku zauna," in ji Balarabe. "Ku taka a hankali zuwa inuwa, ku tsaya a tsaye har numfashi ya dawo."

Ayuba ya iso da keke, aka zuba ruwa a moɗa. Jelani ya busa usur ɗin tafiya tun lokacinsa bai yi ba, jerin duka ya rage, suka wuce a hankali suka zagayo. Minti uku, Alhaji ya ce wa Tamu hancinsa kamar bakin zuga-zugi, ya kai maganar har ƙarshe ba tare da ya tsaya ba. Balarabe ya ce to, a ci gaba.

Ba su kai tsamiya ba ranar. Balarabe ya juyo da su daga kilomita biyu, ya ce tsamiya tana nan ba inda za ta. Da suka waiwaya sai suka ga ba su kaɗai ba ne: biyar daga cikin masu manyan riguna sun biyo su a ƙasa tun daga gari, sun naɗe rigunan a kafaɗa. Ɗayansu, wani tela, ya matso kusa da Balarabe ya rage murya.

"Kyaftin, wancan mai jar riga malamina na allo ne."

"Na ji. Mako mai zuwa kana baya, yana gaba."

Suka shiga filin tare, na gudu da na tafiya, aka yi zagaye ɗaya a hankali don jiki ya huce, sannan aka miƙe ƙafafu a jikin katanga. Alhaji ya zo wucewa ta kusa da Balarabe, ya ce ba tare da ya dube shi ba, "Ka ce ma yaron nan ya iya jan mutane." Balarabe ya ce zai faɗa masa.

Yana cikin rubuta sunayen waɗanda suka dawo ne wata farar Fijo mai buɗaɗɗen baya ta shigo filin har tsakiya. A bayanta an ɗaure sabon keke, ko ledar sirdinsa ba a cire ba. Wani dogon mutum ya fito sanye da rigar wasanni mai sheƙi, agogon awon gudu yana lilo a wuyansa. Ya ɗauki takardar gayyatar daga kan kujerar motar, irin wadda Balarabe ya manna a Maiyama, ya ɗaga ta sama.

"Wane ne Balarabe? Sunana Jibrin Maiwada, daga Sakkwato. Maigidana yana buɗe kamfanin lemo, yana son tsere daga Jega zuwa Aliero nan da mako uku. An ce mini a nan ne kaɗai ake da masu gudu." Ya bugi sirdin keken da tafin hannu. "Wannan na wanda ya zo na ɗaya ne. To, wa ya fi sauri a cikinku?"

'Yan ƙungiya suka dubi juna. Amma Balarabe ya ga samarin nan uku sun bar katanga sun matso, idonsu a kan keken. Tamu ya zunguri Alhaji da gwiwar hannu, Alhaji bai yi dariya ba. Yana kallon Balarabe, shi da telan, da sauran waɗanda suka dawo yau.